Yadda ake zare ƙwarangwal daga daftarin da ya hargitse: nazarin wani babi kan masaƙun Kakuri

Wata ɗaliba da ke ajin ƙarshe a wata jami'a a Kaduna ta miƙa babi na huɗu na kundinta na kammala digiri. Babin yana neman amsa tambaya ɗaya: me ya durƙusar da masaƙun Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna? Sakin layi goma sha huɗu ne, shafi tara. Bayan kwana uku aikin ya dawo hannunta, kuma duk cikinsa babu gyaran da ya wuce layi ɗaya da jan biro a saman shafin farko: "Kayan aiki sun cika, amma ba a jera su ba. A sake tsari."

Irin wannan gyara ya fi kowane wahalar aiwatarwa, domin bai nuna inda ciwon yake ba. Ɗalibar ta karanta babin sau huɗu, duk lokacin da ta karanta sai ta ji komai yana tafiya sumul. Ba abin mamaki ba ne. Wanda ya rubuta abu yana karanta shi ne da dukkan abin da ya sani a kansa, saboda haka idan sakin layi na 4 ya dogara da bayanin da sai a na 9 zai zo, shi ba zai ji tuntuɓe ba, domin ya riga ya san abin da ke na 9. Mai karatu ne zai yi tuntuɓen. Maganin wannan shi ne a daina karanta daftarin a matsayin zance, a zare masa ƙwarangwal: a rage kowane sakin layi zuwa jimla ɗaya, a jera jimlolin a takarda guda, sannan a duba jerin. Galibi ana yin tsari ne kafin a fara rubutu. Wannan kuwa bayan an gama rubutun ake yin sa, kuma abin da yake nunawa shi ne tsarin da ke kan takarda a zahiri, ko da ya saɓa wa wanda marubucin ya yi niyya.

Abu na farko da aka yi shi ne ajiye kwafi. A Word an yi amfani da Save As aka ba fayil ɗin sabon suna, domin aikin da ke tafe yanka da ɗinki ne, kuma akwai buƙatar a iya komawa ga na asali. Daga nan aka buga babin a takarda, aka sa wa kowane sakin layi lamba a gefe da biro, daga 1 zuwa 14. Waɗannan lambobi ba sa canzawa har a gama. Sakin layi na 9 sunansa 9 ko da ya koma matsayi na shida. Wanda ya sake lambobi a tsakiyar aiki zai rikice cikin minti goma. Ga wanda ke aiki a kan allo, Ctrl+Shift+8 yana fito da alamar ƙarshen kowane sakin layi, wanda yake da amfani domin a daftarin gaggawa akan sami wuraren da aka danna Enter a tsakiyar magana, ko aka manne sakin layi biyu.

Sai aka ɗauki farar takarda aka raba ta gida uku. Gidan farko lamba, na biyu abin da sakin layin ya faɗa, na uku abin da dole mai karatu ya riga ya sani kafin ya fahimce shi.

A gida na biyu ne ɗalibar ta fara yin kuskuren da kusan kowa ke yi. Ta rubuta "tarihin masaƙu", "auduga", "fasa-ƙwauri", "wutar lantarki". Waɗannan kanun magana ne kawai, kuma kanun magana kowane jeri aka yi musu sai su zauna lafiya. Auduga kafin wuta ko wuta kafin auduga, babu mai cewa uffan. Abin da ake so shi ne cikakkiyar jimla mai aikatau, wadda za a iya yarda da ita ko a musa, kuma kada ta wuce kalmomi goma sha biyu zuwa sha biyar. Maimakon "fasa-ƙwauri", sai a rubuta "atamfar fasa-ƙwauri mai araha ta ƙarasa masaƙun da suka riga suka raunana". Da zarar an rubuta haka, kalmar "riga" ta tona asiri: akwai raunin da ya kamata a ce an bayyana kafin nan.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, wato rubuta abin da aka yi nufin faɗa a maimakon abin da aka faɗa. Hanyar kauce masa ita ce a rufe sauran shafin da wata takarda, a karanta sakin layi ɗaya tak, kuma duk kalmar da za a sa a jimlar taƙaitawa a iya nuna inda take da ɗan yatsa. Wasu ma daga ƙarshe suke farawa, 14, 13, 12, don kada zaren labarin ya ja su. Aikin ya ɗauki kamar minti arba'in, kuma ga abin da ya fito. A cikin jerin, KTL da UNTL manyan masaƙu biyu ne na Kaduna, wato Kaduna Textiles Limited da United Nigerian Textiles Limited, SAP kuwa shirin gyaran tattalin arziki ne na gwamnatin tarayya:

1. Kakuri a yau: manyan masaƙu a rufe, me ya jawo haka?
2. An buɗe KTL a 1957, wasu suka biyo baya, Kaduna ta zama cibiyar saƙa.
3. Masaƙun sun dogara da audugar Arewa daga wurare irin su Funtuwa da Gusau.
4. Atamfar fasa-ƙwauri mai araha ta ƙarasa masaƙun da suka riga suka raunana.
5. Aikin masaƙa ya raya unguwannin Kakuri da Makera da Nasarawa.
6. Faɗuwar darajar naira bayan shirin SAP na 1986 ta tsadar da kayan gyara da rini.
7. Rashin wuta da tsadar baƙin mai sun ɗaga kuɗin sarrafawa, KUMA ma'aikatan da aka sallama sun daɗe suna jiran haƙƙinsu.
8. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007.
9. Ba a iya sauya tsofaffin injuna ba saboda tsadar kuɗin waje.
10. Noman auduga ya ja baya, masaƙu suka rasa isasshen zare.
11. Shirin SAP ya sa shigo da kayan aiki ya yi tsada.
12. Ɗage haramcin shigo da yadi a 1997 ya buɗe kasuwa ga kayan waje.
13. Rufewar ta taɓa masu abinci, masu gidajen haya da 'yan kasuwa.
14. Ba fasa-ƙwauri kaɗai ba ne: tsadar sarrafawa ta riga ta karya masaƙun.

Shafi tara sun koma layi goma sha huɗu, kuma tun kafin a cika gida na uku wasu abubuwa sun fito fili. Amma gida na uku shi ne inda aikin yake, don haka ya cancanci a tsaya a kansa.

Ga kowane layi, tambayar ita ce: wannan sakin layi a kan wanne ya jingina? Ana rubuta lambar a gida na uku. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Sakin layi yana iya jingina da lambar da ta gaza tasa, domin mai karatu ya riga ya wuce ta wurin. Idan ya jingina da lambar da ta fi tasa, ya ci bashi ke nan, yana kashe kuɗin da ba a ba shi ba tukuna. Duk inda aka ga haka, ko dai shi ya zo da wuri, ko kuma wanda yake jingina da shi ya makara.

Sakin layi na 4 shi ne babban mai bashi. Ga yadda ya fara a daftarin: "Wannan rauni ne ya sa lokacin da atamfa mai araha ta cika Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, masaƙun ba su iya yin gogayya ba." Wane rauni? Sakin layi na 3 da ke gabansa zancen yalwar auduga yake yi, babu rauni a ciki ko kaɗan. Raunin yana cikin 6, 7, 9 da 10. Sannan yadda aka yi yadin waje ya sami hanyar shigowa yana cikin 12. Gida na uku na sakin layi na 4 ya ƙare da lambobi biyar, kuma dukkansu sun fi huɗu. Ba a buƙatar wata muhawara: wurinsa yana bayan 12.

Akwai kalmomin da ke saurin nuna irin wannan bashi, kuma yana da kyau a ja musu layi a jimlar farko ta kowane sakin layi: wannan, waɗannan, hakan, saboda haka, sakamakon haka, duk da haka, bugu da ƙari, daga nan. Kowace daga cikinsu hannu ne da aka miƙa baya. Sai a duba ko ya kama wani abu a sakin layin da ya gabata, ko iska ya kama. Haka kuma duk suna ko gajeren suna da ya bayyana ba tare da bayani ba. A wannan babi, an ambaci UNTL a sakin layi na 4 a taƙaice, alhali sai a na 8 aka rubuta cikakken sunan kamfanin. Wannan alama ce cewa ita kanta marubuciyar ta rubuta 8 kafin 4, ko kuma a kanta 8 ne ke gaba.

Sakin layi na 8 matsalarsa daban. Ba ya cin bashin kalma, ana iya fahimtarsa a inda yake. Amma ya rufe masaƙun a tsakiyar babi, sannan 9, 10, 11 da 12 suka ci gaba da kawo dalilan rufewar. An yi jana'iza, an dawo ana bayanin jinya. Ana gane irin wannan ne ta hanyar rubuta shekara ko zamani a gefen kowane layi a karanta su a jere: 1957, sai zamanin bunƙasa, sai shekarun 2000 a layi na 4, a koma zamanin bunƙasa a 5, 1986, 2002 da 2007, a sake komawa 1986 a layi na 11, sannan 1997. Jerin yana kai-komo kamar mai neman abin da ya ɓace. Ba dole ne kowane rubutu ya bi shekaru ba, amma babin da ke bayanin sanadi da sakamako, idan ya koma baya, ya kamata a ce da dalili.

Sakin layi na 7 ya ƙi shiga jimla ɗaya, shi ya sa aka rubuta KUMA da manyan baƙaƙe. Idan taƙaitawa ta tilasta "kuma" tsakanin maganganu biyu da ba su da aikatau ɗaya, to sakin layi biyu ne aka cusa a riga ɗaya. Da aka koma ga rubutun, sai aka ga ɗinkin: jimla biyar na farko kan wuta da man da ake ƙonawa a tukunyar tururi, sai wata jimla da ta ce tsadar ta kai ga rage ma'aikata, daga nan alƙalami ya bi ma'aikatan bai dawo ba. Aka raba shi 7a da 7b. Rabin farko dalili ne, rabi na biyu sakamako, kuma gidajensu sun yi nisa da juna.

Na 6 da na 11 kuwa tagwaye ne. A cikin daftarin ba su yi kama ba, domin an rubuta su a ranaku daban-daban da kalmomi daban-daban, kowanne da nasa madogara. A ƙwarangwal ne kamannin ya fito. Aka haɗa su, aka riƙe jimlar buɗewa ta 6 da misalin sinadaran rini da ke cikin 11, aka zubar da maimaicin.

Sai na 14. Wannan ita ce matsalar da ta haifi sauran. Ainihin ra'ayin ɗalibar, cewa tsadar sarrafawa ta karya masaƙun tun kafin yadin waje ya yi musu rubdugu, bai bayyana ba sai a sakin layi na ƙarshe. Haka daftarin farko yakan kasance, mutum yana rubutu yana gano abin da yake son faɗa, sai ya same shi a ƙarshe. Laifin shi ne a bar shi a can. Da ta koma wurin malamin da takardar ƙwarangwal, ya ɗora yatsa a layi na 14 ya ce, "Malama, wannan ai shi ne babin naki. Me ya sa kika ɓoye shi a bayan gida?" Ta ce, "Malam, na ɗauka kammalawa ce." Ya ce, "Kammalawa ce, amma ki faɗa mana tun a ƙofa inda za ki kai mu." Ba a ɗauke 14 gaba ɗaya ba. An ɗauko jimlarsa ta tsakiya aka mayar da ita ƙarshen sakin layi na 1 a matsayin alkawari, aka bar 14 ya cika alkawarin.

Da wannan jimla ta zauna a sama, sabon jeri ya kusan tsara kansa, domin yanzu akwai ma'auni: duk abin da ya shafi tsada zai zo kafin duk abin da ya shafi yadin waje. Don gwada jerin, an yanka takardar ƙwarangwal da almakashi, kowane layi ƙyalle ɗaya, aka baje a kan tebur. Motsa ƙyallen takarda ya fi motsa sakin layi sauƙi, kuma ba ya ɓata komai. Jerin da aka tsaya a kai shi ne: 1, 2, 3, 5, 6 haɗe da 11, 9, 7a, 10, 12, 4, 8, 7b, 13, 14. Tashi, sai tsada, sai buɗe kasuwa, sai rufewa, sai abin da ya biyo baya. Lissafin ya dawo goma sha huɗu, an haɗa biyu an raba ɗaya.

Wuri ɗaya ne ƙwarangwal bai yanke hukunci ba, wato sakin layi na 10. Ana iya sa shi nan da nan bayan 3, auduga ta bi auduga, kuma da yawa haka za su yi domin abu ne ɗaya ake magana a kai. Amma 3 yana bayanin abin da ya ɗaga masaƙun ne, 10 kuwa yana cikin abin da ya kayar da su. Aikinsu a cikin hujja ya bambanta ko da kanunsu ɗaya. An bar 10 cikin rukunin dalilai, kuma hakan ya fi, domin da an manna shi da 3 da ya shigo da zancen faɗuwa kafin 5 ya gama nuna bunƙasa. Haɗa sakin layi saboda suna da kalma ɗaya shi ne tarkon da ya fi kama masu sake tsari.

Kafin a taɓa fayil, an sake cika gida na uku bisa sabon jeri, aka tabbatar kowane sakin layi yana jingina ne da wanda ke samansa a kan tebur. Sannan aka karanta jimlolin goma sha huɗu da babbar murya a jere, ana saka kalmar haɗi tsakanin kowane biyu: saboda haka, amma, bayan haka. Inda kalmar haɗi ta ƙi zama, akwai giɓi. An sami ɗaya tsakanin 12 da 4. Na 12 yana magana ne kan shigo da yadi ta halal bayan ɗage haramci, na 4 kuwa kan wanda ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya. Babu inda aka bayyana dangantakarsu ko bambancinsu. Wannan ba matsalar jeri ba ce, babu yadda za a juya ƙyallayen ta gyaru. Dole aka rubuta sababbin jimloli uku a farkon 4. Nan ne iyakar wannan dabara: tana nuna abin da ya ɓata wuri da abin da babu, amma ba ta rubuta abin da babu, kuma ba ta san ko shekarar da aka ambata daidai ce ba. Wannan aikin komawa ga madogara ne.

A cikin Word, hanya mafi tsabta ta motsa sakin layi ita ce a sa alamar rubutu a cikinsa a danna Alt+Shift tare da kibiyar sama ko ta ƙasa. Zai hau ko ya sauka ɗungurungum, ba tare da haɗarin yanke rabin jimla ba. Ga rubutu mai tsawo, kamar kundi gaba ɗaya, ana iya rubuta jimlar taƙaitawa a saman kowane sakin layi a ba ta salon Heading 3, a buɗe Navigation Pane, sai jimlolin su jeru a gefen allo kuma a iya jan kowace da abin da ke ƙarƙashinta. Sai dai a tuna a goge waɗannan kanun wucin gadi bayan an gama, in ba haka ba za su iya kutsawa cikin jadawalin abin da ke ciki.

Motsawar ba ta kai minti goma ba. Ɗinkin da ya biyo baya ya ci fiye da awa ɗaya, kuma shi ne matakin da ake yawan tsallakewa. Kowane sakin layi da aka ɗaga ya bar rauni a wuri uku: inda ya tashi, samansa a sabon wuri, da ƙasansa. Na 5 ya fara da "Kafin wannan koma-baya", wanda yake nufin 4, amma yanzu 3 yake bi, inda babu koma-baya, sai aka sauya buɗewar. Na 9 yana ɗauke da "kamar yadda aka gani a rufewar KTL", alhali yanzu rufewar tana gaba. Na 10 ya fara da "Dalili na huɗu", aka ƙirga aka ga har yanzu na huɗu ne, aka bar shi. Da Ctrl+F aka nemo "a sama", "a baya", "nan gaba", "na biyu", "na uku", aka duba kowanne ɗaya bayan ɗaya. Cikakken sunan UNTL aka ɗauke shi daga 8 aka kai shi 2, inda yanzu aka fara ambaton kamfanin cikin masaƙun da suka biyo bayan KTL. Madogara ma sai da aka bi: wata da aka kawo a taƙaice a 9 domin an riga an kawo ta cikakkiya a 8, yanzu ita ce ta farko, sai aka musanya su.

Gwaji na ƙarshe an ba wata abokiyar karatunta ne, wadda ba ta taɓa ganin babin ba. Aka ba ta sabon rubutun da farar takarda, aka ce ta rubuta jimla ɗaya ga kowane sakin layi. Goma sha uku daga cikin jimlolinta sun yi daidai da na ɗalibar a ma'ana. A 7b ne suka saɓa: ɗalibar ta rubuta jiran haƙƙin sallama, abokiyar ta rubuta tsadar mai. Da aka duba, jimlar farko ta 7b har yanzu tana ɗauke da wutsiyar 7a, "Wannan tsada ta mai ta sa...", domin a wurin aka yi yankan. Aka goge ta, aka fara sakin layin da ma'aikatan da ranar da aka rufe ƙofa.